Gurbi Huɗu Bayan Ɗigo

Shekara goma sha bakwai ina riƙe da ajin ƙarshe a darasin kemistiri, babu wanda ya taɓa ɗaga ido ya kalli ajin nan da sunan yana so, sai da yarinyar nan ta zo. Na ce yarinya kuma ba zan janye ba, don ni na koyar da ita. A benci na biyu take zama, kusa da taga, ko kwalbar asid ba ta iya riƙewa da kyau ba. Yau ga ta da farar rigar ɗakin gwaji mai guga, ɗalibai suna ce mata Ƙaramar Malama, ni kuma sun mayar da ni Babbar Malama, sunan da ban roƙi kowa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, tun zangon farko na ji ta a raina. Idan ta fito daga aji sai ka ga yara sun biyo ta har ƙofar ofishin malamai, wannan na miƙo littafi wancan na jefo tambaya. Ni idan na fito hanya suke ba ni. Da can ina ɗaukar wannan girmamawa ce, sai da na ga nata na fara tantama. Abin da ya fi ci min rai, Autata tana ajinta. 'Yan aji biyar kashi biyu ne, ni ina da ɗaya ita tana da ɗaya, kuma muddin akwai wani kashin ba a yarda uwa ta riƙe kashin da 'yarta take ba. Sai in dawo gida a gajiye in tarar da zance ɗaya: Ƙaramar Malama ta ce kaza, Ƙaramar Malama ta nuna mana kaza. Wata rana na ce mata, “To ki tattara kayanki ki koma gidanta mana, tunda ita ta haife ki.” Ta yi dariya, ta zaci wasa nake.

Ana saura wata guda a yi hutu shugaban sashenmu ya kira mu ofishinsa. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda zai yanka ka yana tambayarka lafiyar iyali. Ya ce baɗi za a haɗe kashi biyun nan su zama ajin ƙarshe guda, malami ɗaya zai kai su jarrabawar fita. Ya ce shi zai fitar da tambayoyin ƙarshen zango, iri ɗaya ga kowa, mu yi musayar takardu, ni in duba na ajinta ita ta duba na ajina, sannan a ga abin da sakamako ya nuna.

Na ce, “Wato gwada ni za a yi da ita?”

Ya ce, “Haba Malama, wa ya isa? Yaran muke gwadawa.”

Ita kuwa tana zaune ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin biro, wai ita mai kunya.

Aka yi jarrabawa ranar Talata. Ranar Laraba aka kawo min takardun ajinta guda talatin da shida, babu suna sai lamba, tare da takardar amsoshin Shugaba a cikin ambulan. Ambulan ɗin nan ban buɗe shi ba. Na jefa shi cikin durowa na ce ni za a gaya wa amsa? Na zauna a teburina na ɗakin gwaji, wanda ƙafarsa ɗaya ke kan guntun katako, na jawo kalkuleta na warware tambayoyin da kaina.

Tambaya ta biyar ita ce mai nauyi, maki goma. An narkar da giram 4.20 na soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, a cikin ruwa ya zama lita ɗaya. Sodar ba tsantsa ba ce, akwai datti a ciki. An ɗebi mililita 25.0 na ruwan, aka yi ta ɗiga masa asid mai ƙarfin mol 0.105 a kowace lita, mol kuwa shi ne mudun da muke auna sinadari da shi, har ya sha mililita 23.40 kafin launi ya juya. Aka ce a fara da nemo mol nawa na asid aka kashe, sannan giram nawa na tsantsar soda ke cikin litar, sannan kashi nawa cikin ɗari na hodar ne tsantsa.

Ina da doka guda da duk wanda ya bi ta hannuna ya haddace: gurbi huɗu bayan ɗigo. Duk lambar da kalkuleta ya zubo maka, ka yi mata aski, ka bar gurbi huɗu, ka ci gaba. Ba na son takarda mai jelar lambobi. Na buga 0.105 sau 23.40 na raba da dubu, ya ba ni 0.002457. Na yi mata aski ta koma 0.0025. Mol ɗaya na asid ɗin mol ɗaya na soda yake ci, saboda haka sodar da ke cikin mililita 25 ita ma ke nan. Lita ɗaya ta ninka mililita 25 sau arba'in, na ninka na samu 0.1. Mol ɗaya na soda giram arba'in ne, na sake ninkawa, giram 4.00 cif. Har na yi murmushi, don a ganina amsar da ta fito sumul haka ita ce ta gaskiya. Na raba da 4.20, kashi 95.2 cikin ɗari.

Na buɗe takarda ta farko. 3.93, sai 93.6. Na ja jan biro. Ta biyu, 3.93 da 93.6. Ta uku haka. Wallahi wani sanyi ne ya ratsa ni, irin na wanda ya sha ruwa bayan doguwar tafiya. Na ce ashe abin nata baki ne da farar riga. Ga jelar lambobi nan sun cika takardu, 0.002457, 0.09828, kamar masu rubuta lambar waya. Na ba su makin hanya, don ni ba azzaluma ba ce, amma makin amsoshi biyun ƙarshe, maki huɗu, na zare wa kowa. Mutum talatin da ɗaya na soke.

Takarda ta ashirin da biyu na gane rubutun. Auta ce kaɗai ke yi wa bakwai ɗamara a tsakiya, tana kuma danna biro har ya fito ta baya. 93.6, ta ja masa layi biyu a ƙasa. Na ɗan tsaya, raina ya sosu, amma can ƙasan ciki wani abu yana cewa gara ma, ta gani da idonta inda Ƙaramar Malamarta ta kai ta. Na soke, na ma fi danna biron a kan tata.

Ranar Juma'a da safe aka dawo min da takardun ajina. Ina tsaye a ofishin malamai na fara buɗewa, ban ko ajiye jaka ba. Tambaya ta biyar, 4.00 an soke, 95.2 an soke. Na gaba haka, na gaba haka. Har yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajina, wadda ba ta taɓa samun ƙasa da tara a irin wannan tambayar ba, shida aka ba ta. A gefen kowace takarda an zagaye 0.0025 da ɗan ƙaramin rubutu mai tsafta: “An yi saurin taƙaitawa.” Sau talatin da huɗu ta rubuta wannan, ba ta gaji ba.

Na dangwarar da takardun a kan tebur. Malamin lissafi yana gefe yana shan shayi, ya ce, “Babbar Malama, lafiya? Ko asid ne ya zube?” Ban kula shi ba. Na kwashi takardun na nufi ofishin Shugaba, na sa aka kira min ita.

Na zube su a kan teburinsa na ce, “Ga aikin 'yar gaban goshinka. Aji take so, sai ta bi ta kan yarana? Idan ajin ne ta zo ta roƙe ni, ba ta yanka marasa laifi ba.”

Ta shigo da alli a hannu, ta gaishe ni har da rusunawa. Wannan rusunawar ta ƙara tunzura ni.

Shugaba ya ce, “Malama, zauna mana.”

Na ce, “Ba zama ya kawo ni ba.”

Ya jawo takardun ajinta da na mayar masa jiya, ya buɗe biyu ko uku, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire tabarau ya ce, “Kin duba takardar amsoshin da na aiko?”

Na ce, “Shekara goma sha bakwai ina wannan aikin.”

Ya ce, “Na sani. Kin duba?”

Na kau da kai. Malamin lissafi ya riga ya biyo mu da kofinsa, ya jingina da ƙofa, shi ba ya barin abin kallo ya wuce shi.

Na ce a kawo allo, a yi a gaban kowa. Akwai ƙaramin allo a bangon ofishin, na karɓi allin daga hannunta ba tare da na kalle ta ba. Na rubuta matakaina ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa da ƙarfi kamar ina aji. Da na iso 4.00 na buga allon da alli har ya karye. Na ce, “Ina kuskuren? A nuna min shi.”

Ta ɗauki guntun da ya faɗi ƙasa. Ta ce, “Malama, hanyarki daidai ce, babu matakin da ya kauce. Wuri ɗaya ne kawai.” Ta sa yatsa a kan 0.0025. “Gurbi huɗun nan, biyu sifiri ne. Sifirin da ke gaba ba ya ɗauke da komai, wuri kawai yake riƙewa. Lamba biyu ce ta rage, biyu da biyar, alhali tambayar da lamba uku-uku ta ba mu awo, wani ma huɗu.”

Na ce, “Nawa na ƙara? Faɗi a ji. 0.000043. A kan wannan ƙurar za ki zare wa yaro maki huɗu?”

Ta ce, “Da a nan aka tsaya da ƙura ce. Amma an ninka ta sau arba'in, aka sake ninka ta sau arba'in.”

Malamin lissafi ya ce daga bakin ƙofa, “Dubu ɗaya da ɗari shida ke nan.” Na harare shi, ya mayar da baki cikin kofi.

Ta rubuta a gefen nawa, da rubutun nan nata mai ban haushi. 0.002457 sau arba'in, 0.09828. Sau arba'in kuma, 3.9312. Ta ce, “Ƙurar ta zama kusan giram 0.07. Idan an raba 3.9312 da 4.20 aka ninka da ɗari, 93.6. Ni ce musu nake su bar lambar a cikin kalkuleta, kada su taɓa ta sai a amsar da za su ja wa layi. Nan ne za su mayar da ita lamba uku, 3.93.”

Shugaba ya buɗe durowarsa ya ajiye kwafin takardar amsoshi a gabana. Ban taɓa ta ba, daga inda nake tsaye ina hango 93.6.

Abin da ya fi min ciwo shi ne tun tana tsakiyar magana na gane. Ba jahila ba ce ni, na san ƙa'idar nan, na karanta ta, na ma ci jarrabawa a kanta. Amma tambayoyin da nake ba yara ni nake tsara su, da lambobi masu daɗi, 0.100 da 25.0, waɗanda ke ba da 0.0025 babu saura, askin ba ya samun abin da zai cire. Sau da yawa kuma dabarar nan ta bugu ɗaya nake sa su yi, a jera komai a layi guda, mol ɗin ba ya ma fitowa fili balle a taɓa shi. Dokata tana aiki a kan manyan lambobi, shi ya sa na sake da ita. Sai ga tambayar wani, da lambobin da ba ni na zaɓa ba. Takardun jarrabawar fita kuwa ba a dawo mana da su, wasu can ne ke dubawa, sakamako kawai muke gani. Yara nawa suka rasa maki huɗun nan a shekara goma sha bakwai, suka dawo suka gaishe ni suna godiya? Ban sani ba, kuma babu mai gaya min.

Na juya na ce mata, “Ke ma ai gurbi huɗun na koya miki.”

Ta ce, “Eh, Malama. Da shi na shiga jami'a. Sau biyu aka dawo min da rahoton gwaji kafin na gane.”

“Shekara guda muna ofishi ɗaya, bakinki ciwo yake?”

Ta ce, “Malama, ta ina zan fara?”

Da rashin kunya ta yi min da na ji daɗi, da na samu abin kamawa. Amma idonta har ya kawo ruwa, wai ita ke jin nauyina. Na tsani tausayin nan fiye da komai a ranar.

Shugaba ya ce in koma da takardun ajinta in sake dubawa, maganar ajin ƙarshe kuma ba yau ba, sai Litinin. Ya raka ni har baranda, ya rage murya ya ce shi bai manta shekarun da na yi ba, tambaya ɗaya ba ta rushe su, idan na ce ina son ajin zai san yadda zai yi da shugabar makaranta. Wato alfarma zai yi min. Ni da ake kawo wa sababbin malamai su zauna a bayan ajina su koyi aiki.

Na koma ɗakin gwaji na rufe ƙofa. Takarda talatin da ɗaya, kowace sai na kashe sokewar da na yi, na mayar da maki huɗu, na sa hannu a gefe don a san ni na gyara. Da na haɗa jimla ajinta ya wuce nawa, ba da yawa ba, amma ya wuce, kuma ratar kusan duk daga tambaya ta biyar ta fito. Na sake haɗawa ko zan samu kuskure, ban samu ba. Na koma ina bin takardun ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya manta rubuta giram ko ya bar alamar kashi cikin ɗari, na samu mutum biyu na zare musu rabin maki, na ji kunyar daɗin da na ji. Takardar Auta goma cikin goma ta tashi a tambayar, jan layina na farko ya huda ta.

Duk da haka a hanyar gida lissafin riƙe ajin nake. Na ce ai gyara ne, ranar Litinin in shiga in ce wa yara daga yau an soke gurbi huɗu, shi ke nan. Ita me ta sani game da ajin ƙarshe? Ta san yadda ake lallaɓa yaron da ya firgita ana saura mako biyu jarrabawa? Ta san tambayoyin da ke dawowa duk bayan shekara uku? Shugaba ya buɗe min ƙofa, kalma ɗaya zan faɗa.

Na tarar da Auta a tsakar gida tana wanke kayan makarantarta, hannunta duk kumfa. Labari ya riga ni isowa, na gani a yadda ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Na jawo kujera na zauna kusa da bahon, ko mayafi ban cire ba.

Na ce, “Kin san dokata tana da matsala?”

Ta ci gaba da cuɗa wuyan riga. Can ta ce, “Tun zangon farko.”

“Kika yi shiru.”

“Na fara gaya miki, Umma, ranar da kike duba aikin gida a falo. Kika ce in tattara kayana in koma gidanta.”

Na haɗiye wannan. Na ce, “To ji nan. Shugaba ya bar min zaɓi. Baɗi aji ɗaya ne, dole ki zauna gaban ɗayarmu, ko ni ko ita. Ba a matsayin uwa nake tambayarki ba. Wa kike so?”

Ƙarya nake, a matsayin uwa nake tambaya, kuma ta sani. Ta matse rigar ta sa a bokiti, ta ɗauko wata. Na ce ta ajiye wankin ta kalle ni. Ta ajiye, ta goge hannu a zaninta, ta kalle ni da idon nan irin na ubanta wanda bai iya ɓoye komai ba.

Ta ce, “Umma, kin fi ta sanin kemistiri, kowa ya sani.”

Na ce, “Ba shi na tambaye ki ba.”

Ta ce, “Idan na ga abin da ban gane ba, ita ina iya ɗaga hannu.”

Na zauna ina kallon kumfar da ke gangarawa magudana. Na so in yi faɗa, bakina cike yake da shi, amma na rasa ta inda zan kama. Ta sunkuya ta ci gaba da wankinta.

Ranar Litinin tun kafin a kaɗa ƙararrawa na shiga ofishin Shugaba na ce ya ba ta ajin. Ya fara jero min kalaman yabo, na ce ya riƙe abinsa, ba don Allah na yi ba balle ya gode min, kuma har gobe ba na ƙaunar ganin farar rigar nan. Ya tambaye ni wane aji nake so a madadinsa. Na ce ya ba ni 'yan aji huɗu, waɗanda ban riga na koya wa komai ba.